Shafi Takwas Cikin Casa'in

A shagon buga littattafai na Alhaji Kadiri, can cikin Zongo Lane, akwai doka guda wadda babu majalisar da ta taɓa zama a kanta. Dokar ita ce, kashi ɗaya cikin goma na kowane littafi halal ne ga wanda ya iya ɗauka. Alhaji yana kiranta ushira. Ya ce a wurin maigidansa na Kumasi ya koye ta, shi kuma maigidan a wurin wani Bayarabe ya samo ta, kuma duk tsawon silsilar nan ba a taɓa ɗaure kowa ba. Idan littafi shafi ɗari ne, goma naka ne. Idan ka wuce goma ka zama ɓarawo. Alhaji mutum ne mai tsoron Allah, saboda haka yakan tsaya a tara.

Da wannan doka ya yi shekara ashirin da biyu yana haɗa ƙananan littattafan da ake shimfiɗawa a ƙofar masallatan Nima da Maamobi ran Juma'a: addu'o'i daga nan, hukuncin alwala daga can, sunayen yara daga wani wuri, a ɗinke, a sa bango kore, a rubuta sunansa. 'Yarsa Memunatu ita ke bugawa a keken rubutu tun tana 'yar shekara sha biyar, tsohon ma'aikacinsa Jamiu ya ɗauka ya kai kan inji. A cikin ƙarar injin nan ta yi karatunta har ta kai makarantar koyon aikin lauya tana da shekara talatin, abin da ya sa duk layin suka daina kiran sunanta suka koma ce mata Lauya, tun ba ta zama ba. Mutanen Zongo suna son biyan mutum girmansa tun kafin lokaci, don su sami abin karɓewa daga baya.

A watan Yuni na 1994 ta ci duk darussanta ban da ɗaya, darasin haƙƙin mallakar fasaha. A zangon nan mahaifiyarta ke kwance, ta kuma rasu kafin jarrabawa, Memunatu ba ta zauna a aji ya kai sau huɗu ba. Da ta ga tambaya a kan wanda ya kwafi wani yanki na littafin wani, sai ta ƙirga shafuka, ta ga ba su kai ushira ba, ta wanke shi tas. Abin da ta ji kowace rana tun tana ƙarama shi ya fito daga bakin alƙalaminta. Aka ba ta dama ta sake zama a watan Satumba, kuma ƙa'idar makarantar ba ta san zama na uku ba. Wanda ya sake faɗuwa ya tafi gida da shekarunsa.

Sai ta zauna ta karanta abin da ya kamata ta karanta tun farko. Ta karanta dokar 1985 layi-layi, ta nemi ushira ba ta gani ba. Ta karanta tsofaffin hukunce-hukunce, ta tarar alƙalai ba sa auna abin da aka ɗauka da mudu. Abin da suke tambaya shi ne, shin abin da aka kwafa yanki ne mai nauyi na aikin, ko da kaɗan ne? Shafi ɗaya zai iya zama zuciyar littafi. Shafi ashirin kuma za su iya zama abin da kowa ya sani, wanda marubucin ma tsinta ya yi. Ra'ayi ba na kowa ba ne, amma yadda mutum ya zauna ya tsara shi da kalmominsa da misalansa nasa ne. Ta karanta wannan a kan benci ɗaya da keken rubutun, injin mahaifinta yana ta tofo takardu a bayanta.

Ana saura sati biyar jarrabawa, wata Talata da hantsi, Malam Sumaila Mahama ya shigo shagon. Tsohon malamin makarantar Islamiyya ne a Kotobabi, siriri, yana tari, riƙe da littattafai biyu a cikin leda. Ɗaya nasa ne, shafi casa'in, a kan rabon gado, da Hausar boko don waɗanda ba su da Larabci. Ɗayan kuwa mai koren bango ne.

Ya yi sallama, ya ƙi zama.

"Alaji, shafi takwas ka ɗauka."

"Cikin nawa?" in ji Alhaji, bai ko ɗaga kai daga takardar da yake dubawa ba.

"Cikin casa'in."

"To, ka ga ma na bar maka ɗaya. Tara ne haƙƙina."

Jamiu ya yi dariya ta hanci daga bayan inji.

Malam Sumaila ya buɗe littattafan biyu a kan tebur, gefe da gefe. Ya ce shi bai zo a kan rabon da Allah ya yanka ba. Tumunin mata, sudusin uwa, wannan ba nasa ba ne, kowa ya ɗauka. Abin da ya kawo shi misalai ne. Shekara shida ya yi yana neman yadda zai sa mutumin Nima ya gane lissafin gado, har ya faɗo a kan ɗakuna, tun da nan abin da ake bari ke nan, gidan haya mai ɗakuna. Mutum ya rasu ya bar mata da 'ya'ya mata biyu da uwa da uba, da gida mai ɗaki ashirin da bakwai: uku na matar, sha shida na 'ya'yan, huɗu na uwa, huɗu na uba. Misali goma sha ɗaya irin wannan, kowanne da gidansa da zanensa. Saboda su ake sayen littafin. Sauran shafi tamanin da biyun kowane malami zai iya faɗa maka su yana cin goro.

"Har kuskurena ka kwashe," in ji shi, ya ɗora yatsa a shafi na arba'in da ɗaya. "A bugun farko an sa wa uwa biyar maimakon huɗu. Ɗakunan suka zama ashirin da takwas. Na gyara a bugu na biyu. Naka yana nan da biyar ɗinsa. Jiya wasu suka zo mini daga Maamobi suna neman ɗaki ɗaya da ba a taɓa ginawa ba."

"To ka ga ba ni na yi kuskuren ba ke nan," in ji Alhaji. "Malam, ilmi sadaka ne. Malamanmu na dā kwafan littafi suke yi da hannu, ana sa musu albarka. Kai kuma ka zo kana ƙirga shafi kamar mai sayar da waakye yana auna shinkafa da wake."

"Waɗanda suka kwafa da hannu sukan rubuta sunan mai littafi a sama, nasu a ƙasa, su roƙa masa gafara. Ina sunana?"

Alhaji ya ga maganar ta fara yin nauyi, sai ya juya ga makaminsa. "Ga Lauya nan zaune. Memuna, faɗa masa. Ushira ba ta halatta ba?"

Memunatu tana zaune da dokar a buɗe a kan cinyarta. Ita ta buga shafukan takwas a hutun bara. Ta tuna ma ta tsaya a kan biyar ɗin nan, ta ji lissafin bai zauna ba, amma Jamiu yana jira, ta buga yadda ta gani. Malam Sumaila ya dube ta. Ba duban roƙo ba ne, duban mai jiran amsa ne daga wanda ya sani.

"Baba, ni ban gama karatu ba tukuna," ta ce.

"Ka ji," in ji Alhaji. "Ko Lauya ba ta ga laifi ba."

Malam Sumaila ya mayar da nasa littafin cikin leda, ya bar koren a kan tebur. Ya ce zai je ya nemi lauyan da ya gama karatu. Jamiu ya bi shi da cewa ya gaida alƙali. Alhaji ya ce a kawo masa shayi.

Ran jarrabawa ta hau motar haya ta trotro daga Nima da sassafe, ba ta karya ba. Ɗakin jarrabawar ƙarami ne, su goma sha huɗu ne masu maimaitawa, kowa yana kauce wa idon kowa. Awa uku, tambaya huɗu. Ta amsa biyu na farko yadda ya kamata, ɗaya a kan alamar kasuwanci, ɗaya a kan ƙirƙira. Sai ta juya takarda.

Tambaya ta uku ta ce wani Kofi ya rubuta littafin lissafi na 'yan firamare, shafi ɗari da ashirin. Wata Ama ta fitar da nata tana sayarwa, a ciki akwai shafi tara da suka yi daidai da na Kofi. Shida daga ciki jadawalin sau ne da ma'aunai, uku kuwa misalai ne da Kofi ya ƙirƙira da 'yan kasuwa da kayan miya. Ta canja 'yan kalmomi, ba ta ambaci sunansa ba. Ama ta ce littafinta na koyarwa ne, kuma abin da ta ɗauka bai kai kashi ɗaya cikin goma ba. A ba Kofi shawara.

Memunatu ta karanta layin ƙarshe sau uku. Bai kai kashi ɗaya cikin goma ba.  Ta ce a ranta, ashe tsohon ya sami lauyansa. Dokta Ampofo mai koyar da darasin yana da ofishin lauya a cikin gari, kowa ya sani. Malam Sumaila ya je masa, shi kuma ya canja sunaye ya mayar da gado lissafi, ya aje mata a gaba. Daga wannan lokaci ba ta ƙara ganin Kofi ko Ama a takardar ba. Yatsa take gani a kan shafi na arba'in da ɗaya.

Ta san tsarin amsar, ta haddace shi kamar karatun allo. A fara da ko aikin yana da kariya, da wanda ya mallake shi. A nuna an kwafa. A ware abin da yake na marubucin daga abin da yake na kowa. A auna nauyin abin da ya rage. A duba ko mai kwafan tana da mafaka a doka. A ƙare da abin da kotu za ta iya bayarwa. Matakin farko ta yi shi cikin layi biyar. Da ta zo kan kwafa sai alƙalamin ya ƙwace.

Ta rubuta cewa babu shakka an kwafa, domin wadda ake ƙara ta kwashe har da kuskuren mai littafi, kuma mutum biyu ba sa yin kuskure ɗaya a wuri ɗaya sai ɗaya ya leƙi ɗaya. Ta rubuta cewa shafukan nan su ne ran littafin, shekara shida na wahalar mutum, saboda su ake sayensa. Ta rubuta cewa ƙa'idar kashi ɗaya cikin goma ba ta cikin doka, ƙarya ce da masu buga littafi suka gada suna lallashin kansu da ita, ta kawo hukunci uku da suka ce nauyi ake dubawa ba yawa ba. Ta rubuta cewa wanda ya buga da hannunsa yana sane, shi ma ba zai ɓuya a bayan maigidansa ba. Shafi bakwai ta cika. Duk abin da ya kamata ta faɗa ran Talatar nan da hantsi ta faɗe shi, da Turanci mai kyau, ga takardar da ba ta tari.

Da mai tsaron jarrabawa ya ce saura minti goma sha biyu, sannan ta ga ba ta taɓa tambaya ta huɗu ba. Ta yi mata rabin shafi. Duk da haka ta fito da wani irin sauƙi a ƙirjinta wanda ta daɗe ba ta ji ba. A trotro har gyangyaɗi ta yi.

Sakamako ya fito bayan sati shida, a manne a allo, lamba ba suna ba. Ta bi lambarta da yatsa. Maki uku suka rage mata.

Dokta Ampofo ya yarda ya gan ta, don ya san rasuwar mahaifiyarta. Mutum ne mai furfura, mai magana a hankali, ba mugu ba, abin da ya sa zaman ya fi zafi. Ya sa aka nemo takardarta ya buɗe a tambaya ta uku. Jan alƙalami ya bi gefen shafukan.

"Abin da kika faɗa a kan kashi ɗaya cikin goma daidai ne," ya ce. "Ya fi na kowa kyau a ajin. Na ba ki makinsa duka. Amma ina jadawalin sau? Shafi shida cikin tara. Biyu sau biyu huɗu ba na Kofi ba ne. Na sa su ne don in ga wa zai ware su, ya ce ko tsarinsu yana da wani abu nasa ko babu, sannan ya auna ukun da suka rage. Ke kin haɗa taran kin ce duk ran littafin ne."

Ta dubi jan alƙalamin, shi kuma ya ci gaba.

"Ama ta ce don koyarwa ta yi. Doka ta yarda a ɗauki wani abu don misali a koyarwa, gwargwadon buƙata, idan an yi adalci kuma an ambaci mai aikin da inda aka samo. Ita ba ta ambata ba, kuma sayarwa take yi tana gasa da shi. Hujjarta za ta faɗi, amma sai kin ɗaga ta sannan ki kayar. Ba ki ce komai a kai ba. Ba ki gaya wa Kofi abin da zai roƙi kotu ba, ko a hana sayarwa, ko diyya. Shi ne ya zo neman shawara, kin bar shi a tsaye kina wa'azi."

Ya juya shafi, ya tsaya a kan wani wuri da ya zagaye sau biyu.

"Wannan kuma ban gane ba. Wane kuskure aka kwashe? Wace shekara shida? Wane maigida? Babu ko ɗaya a tambayata. Lauya ba ya ƙara wa shari'a abin da ba a kawo masa ba."

"Dokta, ba Malam Sumaila ba ne ya zo wurinka?"

"Wa?"

"Malam Sumaila Mahama, na Kotobabi. Mai littafin gado."

"Ban taɓa jin sunansa ba. Tambayar nan tun 1989 nake da ita, sunaye kawai nake canjawa. Kowace shekara akwai masu ƙirga shafi, shi ya sa ba na yar da ita."

Ya ce ya duba takardar sau biyu yana neman maki uku, mai dubawa na waje ma ya duba. Ya ce ya yi baƙin ciki. Ta yi masa godiya, don haka aka koya mata.

Ba ta wuce gida ba, ta sauka a Kotobabi ta tambayi gidan. Ba ta san abin da za ta ce masa ba, ta dai san yanzu ba ta da uzurin rashin gama karatu, tun da karatun ya gama da ita. A ƙofar gidan ta tarar da wata mata tana tankaɗe gari.

"Malam? Ai yau kwanansa goma sha tara da rasuwa. Ƙirjin ne. Ke ɗalibarshi ce?"

"A'a. Ya je wurin lauya kafin ya rasu, Anti?"

Matar ta dube ta kamar ta yi maganar wofi. "Lauya? Mutumin da ko asibitin Korle Bu sai da aka yi faɗa da shi kafin ya je? Ya dai ce akwai wata yarinya a Zongo Lane da ke karatun doka, ya ce ya ga gaskiya a idonta, in ta gama zai koma. Ke kin san ta?"

"Na san ta," in ji Memunatu. "Ba ta gama ba."

Labarin faɗuwarta ya riga ta isa layin. Babu wanda ya ce mata Lauya. Jamiu ya ce "Memuna, sannu da hanya," yana goge hannu da tsumma, ya yi ta maza bai ƙara ba. Alhaji ya ce haka Allah ya so, ya ce dama aikin lauya rabinsa ƙarya ne, ya ce aƙalla keken rubutun ya sami mai shi. Ba da mugunta ya faɗa ba. A ganinsa ta'aziyya yake yi.

Bayan kwana biyu ya aje mata koren littafin a gaba. Littafin ya ƙare a kasuwa, za a sake bugawa kafin azumi, tsofaffin farantan da ake ɗora wa inji kuma sun lalace, sai an sake buga shafukan.

"Baba, shafukan Malam Sumaila a cire su."

"Don me? Ai ya rasu, Allah ya jiƙan shi."

"Haƙƙin bai rasu ba. Ya koma ga magadansa, har shekara hamsin."

"Wa ya faɗa?"

"Doka."

"Dokar da ta kayar da ke sau biyu?" Ya ga fuskarta, ya sassauta murya. "Memuna, shafukan nan su ke sayar da littafin. In na cire su me ya rage? Addu'ar shiga bayan gida?"

Ta dube shi. A cikin numfashi ɗaya ya ba da amsar da ita ta cika shafi bakwai tana bayarwa, kuma bai san ya yi ba.

Ta zauna ta zura takarda. Ba ta da wani wurin zuwa, kuma ya san haka. Ta buga misalan goma sha ɗaya, gida bayan gida. Da ta zo kan mai ɗaki ashirin da bakwai ta ba uwa huɗu. A saman shafin farko ta ƙara layi ɗaya: daga littafin marigayi Malam Sumaila Mahama na Kotobabi, Allah ya gafarta masa. Ta fi kowa a Zongo Lane sanin cewa ambaton suna ba izini ba ne, kuma layin nan bai wanke komai ba a gaban doka. Abin da kawai ya yi shi ne ya saka wa laifin hannu.

Alhaji ya karɓi takardun ya duba, ya tsaya a kan layin, ya matso da shi kusa da ido.

"Wannan zai tura layi ɗaya zuwa shafi na gaba," ya ce. Ya ƙirga da yatsa, leɓensa yana motsi. "Tara. To, har yanzu muna cikin ushira."

Ya miƙa wa Jamiu.